Maganar masarar nan: ajiya ce, jari ne, ko jiran tsada?

Sakatare: Assalamu alaikum jama'a. Waɗanda ba su samu zuwa mitin ɗin ƙungiya na Asabar ba suna ta kirana wai me Baba Ma'aji ya faɗa ne har aka tashi ba a yanke maganar sayen masara ba. Toh ga shi a taƙaice. Baba ya ce kuɗi hanya uku ake bi da su kuma mu muna kiran duka ukun da "juya kuɗi". Akwai tanadi, wato ka ajiye don ka tarar da abinka ranar da kake buƙata. Akwai zuba jari, ka sa kuɗi a abin da yake aiki yana kawo kuɗi. Sai na uku, ka sayi abu ba don yana haifar da komai ba sai don kana sa ran gobe wani zai saya da tsada. Ya ce shawarar da aka kawo ta ɗaukar miliyan 4 daga cikin miliyan 6 na asusu a sayi masara a Tudun Hatsi a kulle a sito, ta ukun ce. Nan fa aka ɗan yi hayaniya. Baba yana cikin guruf ɗin nan, shi zai fi ni bayani.

Alhaji mai hatsi: Wa alaikumus salam. Ni na kawo shawarar kuma har yanzu ina kan bakana. Baba da girmanka amma ka sa mutane suna kallona kamar na ce a je a buga caca. Tun muna yara ake sayen hatsi da kaka a sayar da bazara, iyayenmu da shi suka gina gidaje suka je Makka, yau kuma an ce ba jari ba ne??

Maman Biyu: Ni dai abin da na ji a mitin Baba ya ce ajiye masara haramun ne, shi ya sa ma na yi shiru don ni ma ina da buhu uku a ɗaki

Ma'aji: Assalamu alaikum. Maman Biyu 'yata ban ce haramun ba ne, ni ba malami ba ne kuma ban taɓo wannan ba sam. Buhu ukun da ke ɗakinki in na ci ne ke da yara, wannan ma tanadi ne mai kyau, don ko farashi ya hau ko ya sauka tuwon da zai fito daga buhun bai canza ba. Alhaji kai kuma ban ce ka yi laifi ba. Sana'arka ce, ka san kasuwa, kuɗinka ne, in ta faɗi kai ta faɗa wa. Tambayata ɗaya ce a ranar kuma ita zan sake yi: kuɗin wa za mu sa, kuma yaushe masu shi za su zo nema? Miliyan 6 ɗin nan ba ribar ƙungiya ba ce, zubin mutane ne. Akwai mai jiran kuɗin taki, akwai mai kuɗin makarantar yara, akwai wadda take tara na kayan ɗakin 'yarta. Da suka kawo ba wanda ya ce musu zai iya raguwa, ce musu muka yi za su tarar da shi.

Alhaji mai hatsi: To ai ba raguwa zai yi ba Baba, ƙaruwa zai yi. Wanda ya ajiye masara a 2023 ka tambaye shi abin da ya samu a 2024

Ma'aji: Na sani, ya samu sosai. Amma ka faɗi ɗayan rabin mana Alhaji. Wanda ya ga haka ya je ya cika sito da kakar 2024 fa, me ya same shi a 2025? Kai ka fi ni sanin mutanen da suka sayar ƙasa da yadda suka saya. A 2023 an cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, a watan Yuni aka saki naira, komai ya tashi, masara ta bi. A watan Yulin 2024 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 kan shigo da masara da shinkafa da alkama da wake, ga mutane sun koma gona saboda sun ga tsada, hatsi ya yi yawa farashi ya karye. A cikin waɗannan abubuwa wanne ne yake hannun mai sito? Ko ɗaya. Buhun yana nan kwance yadda aka ajiye shi, a Abuja da sararin sama ake yanke masa hukunci. Wannan nake nufi da na ce ba jari ba ne.

Malamar firamare: Baba ni ban ƙi maganarka ba amma akwai inda ban gamsu ba. Kuɗin da muke ajiyewa a banki ɗin shi ma ai raguwa yake. A Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ya kai kashi 34.8 cikin 100, ma'ana dubu 100 da ka ajiye shekara guda abin da za ta saya bai wuce na kusan dubu 74 na da ba. Lamba tana nan a littafi amma a kasuwa ta zube. Toh wane tanadi ne wannan? Gara masarar ai, ko ba komai abinci ce

Ma'aji: Malama lissafinki daidai ne, ban musa ba, kuma shi ya sa ban taɓa cewa mutum ya jibge duk abin da ya mallaka a asusu shekara da shekaru ba. Tanadi yana da kuɗin da ake biya, shi ne wannan zaizayar da kika faɗa. Abin da kike saya da ita shi ne ranar da yaro ya kwanta asibiti ƙarfe biyun dare ko ranar da ruwa ya sauka ana neman taki, kuɗin yana nan cif ba sai an nemi dillali ba. Don haka kuɗin da za a buƙata nan da wata shida ko ƙasa, a haƙura da zaizayar. Wanda ba za a taɓa ba sai bayan shekara biyu uku, shi ne ya kamata a nema masa aiki. Matsalarmu a ƙungiya duk a tukunya ɗaya muka zuba su.

Sakatare: Baba don Allah sake kawo lissafin nan da ka yi a allo, da yawa ba su gani ba

Ma'aji: To. Lambobin misali ne fa, kar wani ya je kasuwa ya ce Ma'aji ya ce ga farashi. Mu ɗauka buhu dubu 40 ne da kaka, miliyan 4 ta ba mu buhu 100. Ba a nan kuɗin ya tsaya ba. Dako da mota zuwa sito mu ce dubu 1 kowane buhu, buhu mai leda ko maganin ƙwari dubu 2, hayar sito na wata shida dubu 1 da ɗari 5, la'adar dillali ɗari 5. Kowane buhu ya koma dubu 45, duka miliyan 4 da rabi ke nan, saura miliyan 1 da rabi kacal a asusu.

Sannan masarar kaka da sauran danshi a jikinta, tana bushewa tana sauka, ga ɓera ga wadda za ta zube wajen juyewa. Ranar sayarwa mai saye zai ce a cika masa buhu, sai ka ga 100 ta koma 95. Raba miliyan 4 da rabi gida 95, kusan dubu 47 da ɗari 4 ke nan. Ma'ana ko masara ta tashi daga dubu 40 zuwa 47 ba mu ci ko sisi ba, wahala kawai muka sha.

In ta kai dubu 60, mun sayar miliyan 5 da dubu 700, riba miliyan 1 da dubu 200, kowa ya yi murna a ce Alhaji ya iya. In ta sauka dubu 35, mun sayar miliyan 3 da dubu 325, haɗa da abin da ya rage a asusu ya zama miliyan 4 da dubu 825, alhali mutane suna binmu miliyan 6. Mai dubu 100 a littafi sai dai mu ba ta dubu 80 da 'yan kai. Ni ne zan zauna a kan tebur in faɗa mata haka, kuma ba ta taɓa ganin siton ba ma.

Alhaji mai hatsi: Lissafin ka yi shi da kyau Baba amma ka sa ragin da yawa, in aka sayi busasshiya ta Disamba ko Janairu ba za ta sauka buhu biyar ba, biyu ma da ƙyar. Kuma wa ya ce dole a sayar a 35? In ta faɗi sai a riƙe, mai haƙuri ai shi ke cin kasuwa

Ma'aji: Na yarda da kai kan busasshiya, amma ita ma ka san ba a farashin Oktoba za ka same ta ba, abin da ka tsira a ragi ka biya a saye. Maganar a riƙe kuwa ita ce ainihin inda muka rabu. Kai za ka iya riƙewa don kana da shago kana da gona. Ƙungiya ba za ta iya ba. Watan Mayu da Yuni rabin mutanenmu za su zo ɗaukar kuɗin taki da na huɗa, miliyan 1 da rabi ba za ta kai ko'ina ba, dole a buɗe sito ko farashin ya yi daɗi ko bai yi ba. Kuma in ka riƙe har sabuwa ta fara shigowa kasuwa a Satumba, tsohuwa ta ƙara faɗuwa ga hayar sito tana tafiya.

Ɗan Keke: Salam. Ni fa duk wannan dogon lissafin bai shige ni ba, Baba ka faɗa min kekena wanne ne a ciki? Rance na ɗauka a ƙungiya na cika na saya, kullum ina fita Tumfure zuwa babbar kasuwa

Ma'aji: Naka jari ne ɗana, shi ne ma misali mafi sauƙi. Kekenka ko farashin keke a kasuwa ya hau ko ya sauka, in ka fita da safe ka dawo da kuɗi da yamma, daga fasinja kuɗin yake fitowa. Za ka iya ƙirga shi: abin da ka samu, cire mai, cire tikiti, cire abin da kake warewa na gyara da taya. Abin da ya rage in ka tara ka san wata nawa zai mayar da kuɗin keken. Masara a sito ba ta dawo da ko naira ɗaya da yamma, ci ma take yi. Amma ka kula, jari ma yana faɗuwa, inji ya buga ko a yi hatsari ko a hana ku wata hanya. Bambancin shi ne yawancin abin da zai kashe shi kana iya gani da ido ka kuma yi wani abu a kai, ka canza bakin mai a kan lokaci, ka rage gudu. Kuma in ba ka ware kuɗin sabon keke a gefe ba, bayan 'yan shekaru za ka ga ashe uwar kuɗin kake ci kana ce mata riba.

Ɗan Keke: Wannan na ƙarshen ya taɓa ni wlh 😅 ba na ware komai

Hajiya mai kiwo: To ni Baba ragunan da nake saya wata huɗu kafin Layya in ɗaure in sayar fa? Ai ni ma jiran tsada nake, ke nan ni da Alhaji jirginmu ɗaya

Malamar firamare: A'a Hajiya naki daban, ke kina ba su dusa da harawa suna ƙiba, ragon da kika saya ba shi kike sayarwa ba. Wannan jari ne tsantsa

Ma'aji: Malama rabi ne. Ƙibar jari ce, aikin Hajiya ne da dusarta. Amma akwai ɗayan ɓangaren da take dogara da cewa ana gobe Sallah rago zai yi tsada, kuma akwai shekarar da ake cika kasuwa da dabbobi masu saye ba kuɗi, a dawo da su gida. Yadda za ta gane wanne ya fi yawa a nata: ta ɗauka Sallah ta wuce ba ta sayar ba, in ta kai wa mahauci a farashin nama zalla, ta fitar da kuɗin saye da na abinci? In eh, tana tsaye a kan jari, tsadar Sallah ƙari ce. In sai da tsadar Sallah kaɗai za ta fita, to ta fi kusa da Alhaji.

Hajiya mai kiwo: Hmm a farashin mahauta kam ban jin zan fita, dusa ta yi tsada. Bari dai in yi shiru

Ƙaramin mamba: Iyaye ku yi haƙuri in sa baki, akwai wata manhaja da abokina yake yi a waya, ana sa dubu 50 duk wata a ba ka dubu 15 kuma uwar kuɗinka tana nan, ya nuna min alat da idona har sau biyu. Suna da satifiket na CAC ma. Me zai hana ƙungiya ta gwada da kaɗan

Sakatare: Innalillahi, mun dawo nan kuma

Ma'aji: Ɗana wannan ba ya cikin ukun ma. Alhaji ko ba komai akwai buhu a sito da za a taɓa. Dubu 15 a kan dubu 50 kashi 30 ne a wata, a shekara kashi 360 ko ba a juya ribar ba. Wace sana'a ce take ba da haka kowane wata ba fashi, kuma mai ita ya rasa abin yi sai ya nemi dubu hamsin ɗinka? MMM haka ta yi ta biya har Disambar 2016 ta rufe, CBEX ma haka a Afrilun 2025. Alat ɗin da abokinka ya nuna maka gaskiya ne, kuɗin wanda ya shigo bayansa ne. Takardar CAC kuma rajistar suna ce kawai, mai shagon ɗinki ma yana da ita. Mai karɓar kuɗin jama'a don zuba jari rajistar SEC, hukumar kula da harkar zuba jari, ake tambayarsa, mai karɓar ajiya kuma lasisin Babban Banki.

Maman Biyu: Ni tsorona ma bankin kansa, in ya rushe da miliyan shidan fa? gara a raba mana kowa ya riƙe abinsa

Malamar firamare: Akwai inshorar NDIC ai, hukumar da ke kare kuɗin masu ajiya a banki, a 2024 suka ɗaga ta zuwa miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan maikurofainans. Da aka soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024 ita ta biya mutane

Ma'aji: Haka ne, amma ku lura da abu biyu. Asusun ƙungiya sunan mai ajiya ɗaya ne, don haka miliyan 5 ɗin ba kowane mamba ba ne, abin da ya haura sai an sayar da kadarorin bankin ake biya a hankali. Shi ya sa nake ganin mu raba asusun banki biyu. Na biyu, inshorar nan in banki ya rushe ne kawai. In mu da hannunmu muka cire muka sayi masara ta faɗi, ba wanda zai biya mu.

Liman: Assalamu alaikum. Tunda an ambaci haramci a sama bari in ɗan ce wani abu. Sayen hatsi lokacin da ya wadata a ajiye a sayar daga baya malamanmu ba su hana ba, abin da aka yi hani a kai shi ne a kwashe abinci a ɓoye lokacin da mutane ke cikin ƙunci don a ƙuntata musu. Amma inda maganar Ma'aji ta haɗu da fiƙihu shi ne bambancin amana da ƙiradi. Kuɗin da aka ba ka ajiya ba ka da ikon juya shi sai da izinin mai shi, in ka juya ya salwanta kai za ka biya. In kuma ƙiradi ne, mai kuɗi ya sani ya yarda, ana raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya tun farko, in an faɗi ba da sakaci ba asarar kuɗi tana kan mai kuɗi, mai juyawa ya yi asarar wahalarsa. Ba a haɗa biyun, a ce wa mutum kuɗinka ba zai ragu ba kuma ga riba.

Alhaji mai hatsi: To Allah gafarta Malam ai ka kawo mafita. A buɗe littafi na biyu, duk mai so ya sa hannu ya zuba, ni zan juya, riba a raba

Ma'aji: Wannan ban ƙi ba ko kaɗan, da ma abin da na nema a mitin ke nan hayaniya ta hana a ji. Sharaɗina uku: sabon kuɗi ne ko wanda mai shi ya zo da kansa ya ce a cire daga ajiyarsa, a rubuta a takardar cewa zai iya raguwa kuma ba fita sai an sayar, sannan makullin sito biyu ne ɗaya a wajen kwamiti. Masu son abin da ya fi kwanciyar hankali kuma ba ruwa a ciki, akwai Sukuk na gwamnatin tarayya da aka fara a 2017, wanda ake gina hanyoyi da shi ana biyan kuɗin haya duk wata shida, ana shiga daga dubu 10. Sai dai shekara bakwai ne ko goma, ba kullum ake buɗe shi ba, kuma in hauhawar farashi ta fi abin da yake bayarwa shi ma zaizayar Malama tana cinsa.

Malamar firamare: Toh ka gani Baba, mun dawo inda na tsaya. Ni har yanzu ban ga inda za a sa kuɗi a ƙasar nan ya tsira gaba ɗaya ba, kuma masu ƙaramin zubi irinmu in aka yi littafi biyu masu kuɗi ne za su shiga na masara su ci riba mu muna kallo

Alhaji mai hatsi: Kuma maganar ba da sakaci ba ɗin nan a fayyace min ita tun yanzu. In ƙwari suka shiga duk da na sa magani sakaci ne ko ƙaddara? Kar a zo ana kai ni gaban mai unguwa. Makulli biyu kuma ni ban saba ba gsky, in mai saye ya zo daga Kudu da mota yana sauri sai na tsaya neman ɗan kwamiti?

Hajiya mai kiwo: Alhaji in kuɗinka ne kaɗai ka riƙe makulli goma ma, namu kam biyu

Sakatare: To jama'a dare ya yi. Na rubuta abu uku a ajandar mitin mai zuwa: littafi na biyu da sharuɗɗansa, raba asusu banki biyu, da kason da Alhaji zai ɗauka in an yarda. Alhaji ka zo da farashin sito na gaske da na buhu, Baba ya ce zai sake lissafin da lambobinka a gaban kowa.

Alhaji mai hatsi: Zan zo da su insha Allah. Amma ku sani kafin ku gama mitin ɗinku masara ta bar dubu arba'in

Maman Biyu: Sakatare ni dai a rubuta sunana a masu ɗaukar kuɗin taki tun yanzu, kar a manta da ni